Tsakanin Juma'ar Riyad da ta Kaduna: yadda ake tsayar da lokacin intabiyu ta waya da mai neman aiki a ƙasar waje

Wanda aka ɗora wa shirya intabiyu ta waya da ɗan Najeriya mazaunin Saudiyya yakan fara ne da lissafin agogo: ƙarfe nawa a Kaduna, ƙarfe nawa a can. Lissafin yana da amfani, amma ba shi ne na farko ba. Kafin a zo kan awa sai an daidaita rana, domin makon aikin Kaduna da na Riyad ba su fara tare ba, ba su kuma ƙare tare ba. A nan ana buɗe ofis Litinin a rufe Juma'a. A can ana buɗewa Lahadi a rufe Alhamis, a huta Juma'a da Asabar. Haka abin yake tun ƙarshen watan Yunin 2013, lokacin da Saudiyya ta bar tsohon tsarinta na hutun Alhamis da Juma'a. Har yanzu akan sami dattijon da ya yi zaman Jidda a da can yana rantsuwa cewa ba a aiki ranar Alhamis, kuma ba ƙarya yake yi ba, zamaninsa ne ya wuce.

Idan aka ɗora makon nan a kan wancan, kwana huɗu ne kawai ɓangarorin biyu suke bakin aiki tare: Litinin, Talata, Laraba da Alhamis. Yawancin masu shirya intabiyu a nan suke tsayawa, su zaɓi Talata ko Laraba da hantsi, su ga kamar sun gama. Wannan kuwa kuskure ne idan mutumin da ake nema yana da aiki a hannu. Kwana huɗun nan sun dace da magana tsakanin ofis da ofis. Mai neman aiki kuwa ba ofis ba ne. Mutum ne da yake ƙarƙashin wani maigida, kuma a mafi yawan lokuta bai son maigidan ya san yana neman tashi. Abin da ake buƙata shi ne lokacin da kwamitin Kaduna yake bakin aiki, shi kuma ɗan takara yake hutawa. Idan aka kalli abin ta wannan fuska, sai a ga bambancin ranakun hutu ya zama taimako.

A ɗauki misali guda a bi shi dalla-dalla. Wata masana'anta a unguwar Kakuri da ke Kaduna tana neman injiniyan lantarki, kuma wanda takardunsa suka fi gamsar da ita ɗan Zariya ne da yake aiki da wani kamfani a Riyad. Kwamitin mutum uku ne: jami'ar kula da ma'aikata, manajan masana'antar, da wani ƙwararre da aka gayyato daga wata ma'aikatar gwamnatin jiha. Ana buƙatar minti 45, a tsakiyar watan Nuwamban 2025.

Agogon Riyad yana gaba da na Kaduna da awa 2, rani da damina, domin daga Najeriya har Saudiyya babu mai sauya agogo. Injiniyan yana shiga aiki ƙarfe 8:00 na safe ya tashi ƙarfe 5:00 na yamma, wato daga 6:00 na safe zuwa 3:00 na rana a Kaduna. Ke nan duk hantsin Kaduna da azaharta yana tsaye cikin abokan aiki. Idan aka kira shi ƙarfe 10:00 na safiyar Talata, a can 12:00 ce ta rana, zai amsa ne a cikin mota ko bayan wani gini, yana rage murya, yana gaggawar gamawa. Kwamiti zai ce ba shi da kuzari ko bai iya bayani ba, alhali wurin ne bai ba shi dama ba.

To a jira ya tashi. Motar kamfani takan kai shi masauki wajen ƙarfe 6:00 na yamma, wanda ya yi daidai da 4:00 a Kaduna, lokacin da rabin kwamitin yake sahun La'asar. Kafin a dawo a zauna an doshi 4:30. A Riyad kuwa, a tsakiyar Nuwamba rana tana faɗuwa ne jim kaɗan bayan ƙarfe 5:00, kuma tsarin kalandar hukuma ta Saudiyya, wato Ummul Ƙura, yana sa Isha'i minti 90 bayan Magariba, wato wajen 6:35 a can, 4:35 a nan. Da an fara gaisawa za a ji kiran salla ta cikin wayar. Abin da ya rage a ranakun aiki shi ne 5:15 na yamma a Kaduna, 7:15 na dare a Riyad. Yana yiwuwa, amma ofis ya riga ya tashi, kuma Magaribar Kaduna a wannan wata tana shiga ne kaɗan bayan 6:00, don haka babu rarar ko minti goma. A ajiye wannan lokaci a matsayin na ko-ta-kwana.

Yanzu a duba Juma'a. Injiniyan yana gida, masana'antar Kakuri kuma tana buɗe. Abin lura kawai shi ne akwai sallar Juma'a guda biyu a cikin lissafin. A Riyad lokacin Azahar a Nuwamba yana shiga ne wajen 11:40 na safe, ana kuma hawa mumbari da shigar lokaci, saboda haka kafin 12:30 an idar. Idan aka ba shi lokacin komawa gida da cin abinci, ƙarfe 1:15 na rana ya natsu. A Kaduna 11:15 ke nan na safe. Masallatan Juma'a na Kaduna yawancinsu suna tayar da salla ne tsakanin 1:00 da 2:00, kuma wanda zai fita daga Kakuri yana son ya tashi tun wajen 12:30 saboda cunkoso. Ga fili nan na fiye da awa ɗaya, bayan an sauko a can, kafin a tafi a nan. Minti 45 daga 11:15 za su ƙare 12:00 daidai, da saura rabin awa na ɓacin layi. La'asar Riyad ma ba za ta shigo ba sai wajen 2:40 a agogonsu. Don haka amsar wannan misali ita ce Juma'a, 14 ga Nuwamba, 11:15 a Kaduna, 1:15 a Riyad.

Sai dai akwai abu biyu da za a tabbatar kafin a rubuta wannan lokaci. Na farko ya shafi Kaduna ita kanta. Daga 1 ga Disamban 2021 gwamnatin jihar ta fara tsarin zuwa ofis kwana huɗu ga ma'aikatanta, Litinin zuwa Alhamis. Ƙwararren da aka gayyato daga ma'aikata zai iya samun sukuni ranar Juma'a fiye da kowace rana, zai kuma iya kasancewa ya kama hanyar garinsu tun yammacin Alhamis. A tambaye shi kai tsaye, kada a ɗauka. Na biyu ya shafi ɗan takara. Hutun Juma'a da Asabar na ma'aikatan gwamnati ne da bankuna da manyan kamfanoni. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta ƙayyade awa 48 a mako, da hutun yini guda wanda asalinsa Juma'a ce, saboda haka kamfanoni masu zaman kansu da yawa, musamman na gine-gine da shaguna, suna aiki har Asabar. Ma'aikacin asibiti ko na tashar wuta kuwa juyi yake yi, hutunsa na iya faɗawa Talata. Sunan ƙasa ba ya gaya maka ranar hutun mutum. Tambayar da za a tura masa ita ce: wace rana ce ba ka aiki a makon nan da mai zuwa, kuma ƙarfe nawa kake isa gida a ranakun aiki?

Da injiniyan nan a Dubai yake, da lissafin ya sauya gaba ɗaya, kuma a nan ne masu cewa duk ƙasashen Larabawa tsarinsu ɗaya suke faɗawa rami. Tun watan Janairun 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta mayar da hutun ma'aikatan gwamnati Asabar da Lahadi, da rabin yini ranar Juma'a, kamfanoni da yawa kuma suka bi sahu. Masarautar Sharja ta ƙara gaba, ta ba ma'aikatanta Juma'a, Asabar da Lahadi. Ga mutumin Dubai, wancan fili na ranar Juma'a ba shi da tabbas, domin yana iya kasancewa a ofis. Amma tazarar agogo awa 3 ce, kuma ita ce take buɗe wata ƙofa: idan ya tashi 6:00 na yamma a can, a Kaduna 3:00 ce, kuma 4:30 ta nan, bayan La'asar, ta yi daidai da 7:30 na dare a can, yana zaune a ɗakinsa. Katar, Kuwait da Bahrain suna tare da Saudiyya a agogo da ranakun hutu. Oman tana hutu irin na Saudiyya amma agogonta irin na Dubai ne. Masar ma Juma'a da Asabar take hutawa, sai dai ta dawo da sauya agogo a 2023, saboda haka tazararta da Kaduna awa 1 ce a lokacin sanyi, awa 2 daga ƙarshen Afirilu zuwa ƙarshen Oktoba.

Batun sauya agogo ya fi cizon masu kiran Birtaniya. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, agogon Landan da na Kaduna ɗaya ne, har mutum ya saba ya manta akwai bambanci. Idan aka tsayar da magana ranar 20 ga Oktoban 2025 cewa za a yi hira 10:00 na safe ranar 28 ga wata, an tsallake ranar 26 da aka mayar da agogo baya. Kwamiti zai kira 10:00 ta Kaduna ya tarar a Landan 9:00 ce, mutumin yana cikin jirgin ƙasa. A riƙa yin lissafi da tazarar ranar da za a yi hirar. Tazarar ranar da ake rubuta saƙon ba ta da amfani idan akwai sauyin agogo a tsakani.

Bayan an sami lokaci sai rubuta shi, kuma a nan Hausarmu da kanta takan jawo ruɗani. Daren Juma'a a bakin Bahaushe daren Alhamis ne wayewar Juma'a, amma matashin da ya saba da lissafin ofis zai iya ɗauka daren da ya biyo bayan yinin Juma'a ake nufi. Bambancin awa 24 ne cur. Haka “bayan La'asar” ba ta nufin komai idan ba a ce La'asar wane gari ba, tunda ta Riyad ta riga ta Kaduna da kusan awa 3 a watan Nuwamba. “Farkon mako” a wurinsa Lahadi ce, a wurinka Litinin. Jibi da gata kuwa sun dogara ne da ranar da ya buɗe saƙon. Duk waɗannan a bar su ga hirar baki. A rubuce, a sa sunan rana, kwanan wata da sunan watan a haruffa, da lokaci sau biyu, kowanne da sunan garinsa. Misali:

“Salamu alaikum Injiniya, da fatan kana lafiya. Za mu kira ka ranar Juma'a, 14 ga Nuwamba 2025, ƙarfe 11:15 na safe agogon Kaduna, wato ƙarfe 1:15 na rana agogon Riyad. Hirar za ta ɗauki minti 45, mu uku ne. Mu za mu kira, daga lambar da ke ƙasa. Idan layi ya yanke za mu sake kira har sau biyu cikin minti goma. Idan bai yiwu ba, sai Talata 18 ga Nuwamba, 5:15 na yamma a Kaduna, 7:15 na dare a Riyad. Don Allah ka maido mana da amsa ka rubuta rana da lokacin da ka fahimta a agogonka.”

Jimlar ƙarshen nan ita ce mai kama kuskure. Wanda ya amsa da “to, na gode” bai nuna maka abin da ya fahimta ba. Wanda ya rubuta “Juma'a 1:15 na rana a nan” ya nuna. Dalilin rubuta sunan wata kuma shi ne 04/11 a wurin wanda ya saba da tsarin Amurka 11 ga Afirilu ce, a wurinmu 4 ga Nuwamba. Gajerun sunayen shiyyar agogo ma ba abin dogaro ba ne: AST na iya nufin agogon ƙasashen Larabawa, yana kuma iya nufin na gabashin Kanada, tsakaninsu awa 7.

Idan za a haɗa da gayyatar kalanda ta imel, a duba shiyyar agogon da kwamfutar ofis take kai. Wadda ta dace da Najeriya a Windows ita ce (UTC+01:00) West Central Africa. Akwai wasu a jerin masu ɗauke da UTC+01:00, irin su ta Paris da ta Amsterdam, kuma mai saita kwamfuta yakan danna wadda ya fara gani. A watan Nuwamba ba za a ga illa ba. Daga ƙarshen Maris kuwa waɗancan suna matsawa gaba da awa ɗaya, sai sakatare ya gyara agogon kwamfutar da hannu don ya yi daidai da na bango, daga nan duk gayyatar da ta fita za ta isa wayar ɗan takara da kuskuren awa guda. Alamarsa ita ce lokacin da aka rubuta a jikin saƙo ya saɓa da wanda kalandarsa ta nuna. Wanda yake da Linux zai iya tabbatar da lissafin da layi ɗaya:

```
TZ=Asia/Riyadh date -d 'TZ="Africa/Lagos" 2025-11-14 11:15'
```

Zai nuna ranar Juma'a, 13:15.

Shi kansa kiran yana da nasa tarko. Lambar wayar hannu a Saudiyya tana farawa da 05, kuma idan za a kira daga nan sai a jefar da sifirin a fara da +966 sannan 5. Ta Dubai +971 ce, da irin wannan ƙa'ida. A ba shi lambar Kaduna da +234 a gabanta, ita ma ba sifiri, don ya adana ta; mutane da yawa a can ba sa ɗaga baƙuwar lambar ƙasar waje saboda 'yan damfara. Kamfani ne ya kamata ya kira, tunda shi yake nema, kuma a sa kuɗin da zai ɗauki awa guda da rabi ko da hirar minti 45 ce. Babu abin da yake zubar da girman kwamiti kamar katin ya ƙare ana tsakiyar tambayar albashi. Kada kuma a gina shirin kan kiran WhatsApp ba tare da gwaji ba. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa an toshe kiran murya na WhatsApp, saƙonni ne kawai suke wucewa, shi ya sa mazauna can suke amfani da manhajoji masu lasisi irin su Botim. Gwajin minti biyu kwana ɗaya kafin hirar, da wayar da za a yi amfani da ita, a ɗakin da za a zauna, ya isa ya nuna ko layin zai ɗauka. A nan Kaduna kuma a zaɓi ɗakin da ba ya kusa da janareta, domin waya a kan lasifika tana kwasar ƙarar inji fiye da muryar wanda ya zauna nesa da ita.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba shi ne yadda kwanaki suke zubewa wajen musayar saƙo, musamman idan akwai kamfanin dillancin ma'aikata a tsakani, ko ana neman shaidar tsohon maigidansa. Imel ɗin da ya bar Kakuri ƙarfe 3:00 na ranar Alhamis ya isa Riyad ƙarfe 5:00, an kulle ofis sai Lahadi. Su amsa Lahadi da safe, a nan ba kowa, sai Litinin a karanta. Tambaya ɗaya da amsarta sun ci kwana huɗu. Saboda haka duk abin da ake son a kammala cikin mako a tura shi Litinin ko Talata, kuma idan za a ba da wa'adi a faɗi ranar ƙarewarsa da sunanta. “Cikin kwanakin aiki biyu” daga Alhamis yana nufin Litinin a ƙidayar kowane ɓangare, amma daga Juma'a yana nufin Talata a nan, Litinin a can. Ga shi kansa ɗan takara, a yi amfani da imel ɗinsa na kansa da layinsa na kansa. Imel ɗin wurin aiki yana hannun kamfani, kuma baƙon ma'aikaci a Saudiyya takardar zamansa tana ɗaure ne da aikin da yake yi, don haka tonuwar asirinsa ta fi ta ma'aikacin gida tsada.

Azumi da Salla suna sake juya lissafin. A watan Ramadan dokar Saudiyya ta rage wa Musulmi aiki zuwa awa 6 a yini, 36 a mako, don haka injiniyan zai iya isa gida tun Kaduna tana Azahar, abin da yake buɗe fili a ranakun aiki wajen 2:00 na rana a nan. Wancan lokaci na ko-ta-kwana na 5:15 kuwa ya mutu, domin ya faɗa tsakanin buɗa-baki da Isha'i, wadda a Ramadan ake sa ta awa 2 bayan Magariba, ga Tarawihi a bayanta. Makon Salla kuma a kauce masa baki ɗaya. Ranar Idi a Najeriya tana jiran sanarwar fadar Sarkin Musulmi, wani lokaci kuma tana saɓawa da ta Saudiyya da kwana ɗaya, Gwamnatin Tarayya ba ta sanar da ranakun hutu sai ana saura 'yan kwanaki, ga shi ma'aikatan kamfanoni a Saudiyya suna da kwana huɗu a kowace Salla, da yawansu ma a lokacin suke tahowa gida. Idan ɗan Zariyan nan yana cikin masu tahowa, tambaya ɗaya za ta iya mayar da hirar waya ta koma zama ido da ido a Kakuri. Ranakun hutun ƙasa da ba sa motsi kuwa a rubuta su a gefen kalanda tun farkon shekara: 22 ga Fabrairu da 23 ga Satumba a Saudiyya, 2 ga Disamba a Dubai, 12 ga Yuni da 1 ga Oktoba a nan.